Saba a ofis ko kilawud? Ku fitar da ni duhu

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da makaranta, firamare da ƙaramar sakandare, ɗalibai kusan 400. Wani yaro ya haɗa mana manhajar da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Yanzu ya ce in zaɓi ɗaya: ko in sayi wata kwamfuta mai ƙarfi da ya kira saba a ajiye a ofis, ko kuma a ɗora a kilawud in riƙa biya duk wata. Na ce masa zan yi shawara, amma wallahi ban san mene ne kilawud ɗin ba, balle in san abin da zan yi shawara a kai. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani yadda zai yi wa kakarsa.

Sadik Mai Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kina amfani da shi tuni. Google Drive ɗin da ke wayarki, wanda WhatsApp ke ajiye hirarki a ciki, shi ne kilawud. Kuma kyauta ne har giga 15. Kada ya caje ki ko sisi.

Baba Ɗanjuma: Ni an ce min ma'anar kalmar girgije ne. Ashe ba tauraron ɗan'adam ba ne ake turawa? Idan haka ne damina za ki sha wahala Hajiya, don ko tasa ta talabijin da hadari ya haɗo take ɗaukewa.

Abu Ammar: Baba, Allah ya ƙara girma, sunan ne kawai girgije, amma abin yana ƙasa. Manyan gidaje ne cike da kwamfutoci jere a kan kantoci, da na'urorin sanyaya ɗaki, da masu gadi, da wutar da ba ta yankewa. Akwai irinsu a Legas, akwai a Afirka ta Kudu, akwai da yawa a Turai da Amurka. Wayoyi ne a ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku suka haɗa mu da su.

Sadik kuma ya faɗi rabin gaskiya. Drive kilawud ne, amma rumbu ne kawai, ajiya yake yi. Manhajar Hajiya ba ajiya kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar kwamfutar da za ta zauna a kunne dare da rana, uba ya shigar da lambar ɗansa ƙarfe biyun dare ta lalubo sakamakon ta miƙa masa. Wannan kwamfutar ce saba, wasu marubutanmu na kiranta uwar garke. Ita ake biya wa.

Hajiya, kina da janareto a makarantar?

Maman Khalifa: Akwai, har biyu. Ƙaramin na ofis da babban da muke tayarwa ranar taro.

Abu Ammar: Madalla, kin riga kin san rabin karatun. Babban nan, sau nawa kike tayar da shi a shekara? Wataƙila ranar yaye ɗalibai da taron iyaye. Amma kuɗinsa gaba ɗaya kika biya ranar da kika saya, kuma ko yana aiki ko ba ya yi, ke ce da juyen mai, ke ce da batir idan ya mutu, ke ce da neman bakanike, ke ce da fargabar ɓarawo. Kin saye shi ne daidai da buƙatar rana mafi nauyi, sauran kwanakin shekara yana zaune ƙura na hawansa. Sayen saba ke nan.

Kilawud kuwa jan layi ne. Injin na wani ne, a gidansa yake, shi ke gyara, shi ke sauya abin da ya lalace. Ke mita kawai aka maƙala miki, abin da kika sha shi za ki biya. Yau kina son ƙaramar kwamfuta, ki karɓi ƙarama. Ranar fitar da sakamako kina son mai ƙarfi, cikin 'yan mintuna a sauya miki, bayan kwana uku ki mayar ki koma ƙaramar. Kamfanin Amazon ne ya fara yaɗa wannan haya ta awa-awa a 2006, da sunan AWS, daga baya Microsoft da Google da wasu da dama suka shigo kasuwar.

Ummu Sultana: Malam Abu Ammar, yi haƙuri, amma wannan misalin ni tsoro ya ba ni. A ƙasar nan ka ce wa mutum ya bar janaretonsa ya dogara da wutar layi? Ai mun sayi janareto ne saboda layin ba ya tabbata. Idan kilawud kamar wutar Nepa yake, Hajiya ta riƙe injinta.

Abu Ammar: Gaskiyarki ne Malama, kuma a nan misalin yake ɗingishi a wajenmu. Waɗanda suka fara kawo shi mutanen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ne. To mu gyara shi da abin da muka sani. Ki tuna mutumin nan na kasuwa mai ƙaton injin gas, wanda ya ja waya zuwa shaguna hamsin yana karɓar kuɗi. Me ya sa tela da mai aski da mai cajin waya suka gwammace su biya shi, kowa bai sayi ƙaramin injinsa ba? Saboda babban inji ɗaya ya fi ƙanana hamsin sauƙin mai a kan kowane shago, bakanike ɗaya ya ishe shi, kuma ba lokaci ɗaya kowa ke jan wuta da ƙarfi ba. Sana'arsa ke nan, idan wuta ta yanke shi ne ya yi asara, shi ya sa mai hankalin cikinsu ke ajiye inji na biyu.

Haka masu kilawud suke yi da kwamfuta. Ƙatuwar na'ura guda suke yankawa ta hanyar manhaja ta zama ƙananan kwamfutoci da yawa, kowane ɗan haya yana ganin tasa kamar shi kaɗai ne a ciki, bai kuma iya leƙa ta maƙwabcinsa. Idan na'urar ta mutu, a tayar da taki a kan wata. Ba na ce ba sa samun matsala ba, suna samu, wani lokaci na awoyi har duniya ta ji. Amma in kika gwada da kwamfutar da ke ofishin makaranta lokacin hutu, babu kowa, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, tazarar tana da yawa.

Ilya na Maraɗi: Sannunku. Mu nan gurup muke cewa da janareto, kuma abin da ya ce na kasuwa haka yake har a wajenmu. Amma ni tambayata kuɗi. A faɗa mana nawa, don magana ba lissafi ba ta shiga kai.

Abu Ammar: To bari mu buga, amma ku riƙe cewa misali ne, farashi na bambanta daga kamfani zuwa kamfani da gari zuwa gari.

Mu ɗauka ƙaramar kwamfutar haya senti 2 ce a awa, wato kashi biyu cikin ɗari na dala. Wata guda ana lissafa shi awa 730. Ya zama dala 14 da senti 60. In dala tana naira 1,500, kuɗin ya kama naira 21,900 a wata. Mai ƙarfi kuma, wadda ta ninka ta sosai, mu ce senti 16 a awa. Kwana uku na fitar da sakamako awa 72 ne, ya zama dala 11 da senti 52, wato naira 17,280. Sau uku a shekara kawai za a yi wannan, ƙarshen kowane zango.

Yanzu a juya wajen sabar ofis. Ban da kuɗin saye, a ce tana jan wat 200. A kunne awa 24 na kwana 30, ta sha yunit 144. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wutarta kaɗai naira 32,400 ce a wata. Wannan idan wutar layi ce. Idan da mai za ki riƙe ta, ke kin fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Sai inbata da batura don kada ta mutu tsakanin ɗauke wuta da tayar da inji. Sai intanet da ba ya yankewa a ofis, kuma irin wanda na waje zai iya shigowa ta kansa, wanda datar waya ko ƙaramin mifi da aka saba da shi yawanci ba ya bayarwa. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu cewa a sayi saba suka fi mantawa.

Malam Nura Mai Ɗab'i: Ni bari in faɗi nawa, don Hajiya ta ji ɗaya gefen. Ina da shagon buga takardu da katin aure. Bara ƙanena ya buɗe mana irin wannan hayar don mu gwada wata manhajar karɓar oda. Muka gwada kwana biyu ba ta yi mana ba, muka rufe kwamfutar shago muka manta. Ashe can tana kunne. Sai ƙarshen wata na ga an zare kuɗi daga katina, ba kaɗan ba, na yi zaton 'yan damfara ne har na je banki. Kuma ko bayan ya shiga ya kashe, wata na gaba aka sake cire wani ɗan kuɗi. Ni dai janaretona idan mai ya ƙare tsayawa yake yi, ba ya ci min bashi.

Abu Ammar: Allah ya mayar da alheri Malam Nura. Abin da ya same ka shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma maganarka ta ƙarshe ita ce ainihin bambancin. Mitar kilawud ba irin ta kati ba ce da ke yankewa idan yunit ya ƙare. Irin ta da ce, ka sha tukuna a kawo bil. Rufe kwamfutarka ta shago kamar ka fita daga ɗaki ne ka bar hita a jone. A lissafin da na yi sama, mai senti 16 ɗin nan in aka manta da ita wata guda, dala 116 da senti 80 ce, naira 175,200, maimakon 17,280.

Ɗan kuɗin wata na biyu kuwa, kusan tabbas kuɗin rumbu ne. A AWS misali akwai `Stop` akwai `Terminate`. Na farkon yana kashe kwamfutar, kuɗin awa ya tsaya, amma faifan ajiyarta na nan ana lissafa maka shi. Na biyun yana rusa ta gaba ɗaya, kuma galibi abin da ke babban faifanta ya tafi ke nan, don haka ba a danna shi da garaje.

Maganin abin biyu ne. Na ɗaya, ranar da aka buɗe asusu a shiga `Budgets` a sa iyaka, a ce in kuɗi ya doshi dala 20 a turo saƙo. Amma a sani, a yadda yake zuwa gargaɗi kawai yake yi, ba ya yanke layi, sai wani ya karanta saƙon ya shiga ya duba. Na biyu, ga ɗan koyo akwai haya mai ƙayyadadden kuɗi, kamar dala 5 ko 6 a wata, an faɗa maka girman kwamfutar da yawan bayanan da za su fita. Wannan ya fi kama da mai injin kasuwa da ya ce kuɗin shagonka kaza ne a wata, shi ke nan.

Hajiya Akanta: Ni aikina lissafin kuɗi ne, kuma ina da ja a kan abu biyu. Na farko, ɗalibai 400 ba taro ba ne a wajen kwamfuta. Ko iyayen duk sun shiga rana ɗaya, ba a daƙiƙa ɗaya za su shiga ba. Me ya kawo maganar babbar kwamfuta ta kwana uku? Na biyu kuma shi ne babba: bil ɗin nan da dala yake. A farkon 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 15 a wata bai ƙara komai ba, amma kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku. Makaranta kuwa da naira take karɓar kuɗin zango. Wanda ya sayi na'urarsa kafin lokacin, ya saya ya huta.

Abu Ammar: Na farkon na sallama Hajiya. Ga makaranta mai wannan girman, in manhajar an rubuta ta da kyau, ƙaramar za ta iya ɗauka har ranar sakamako. Na kawo babbar ne don a ga yadda mitar ke aiki. A gwada ƙaramar zangon farko, idan shafin ya riƙa jinkiri ko yana ƙin buɗewa lokacin da mutane suka yi yawa, sai a ƙara.

Na biyun ma gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kamfanonin cikin gida da ke ba da haya da naira, ya kamata a tambayi farashinsu. Sai dai “ya saya ya huta” ɗin ne ban yarda da shi ba. Batir ba da dala ake shigo da shi ba? Faifan ajiya idan ya mutu fa? Inda na yarda saye ya fi shi ne idan aikin mai nauyi ne, kullum iri ɗaya, kuma kana da wuta da ma'aikacin da zai kula. Kamar masana'antar da ke aiki dare da rana, ita tana iya gina tashar wutarta ta ci riba.

Hajiya Akanta: To ni a lissafin shekara biyar nake so a gwada su, ba na wata ɗaya ba. Har yanzu ban gamsu cewa haya ce ke cin nasara kullum ba.

Ilya na Maraɗi: Akwai abin da ba ku taɓo ba. Wuta ita ke zuwa gidanka. Wannan kuwa kai ne ke kwashe kayanka ka kai gidan wani. Sunayen yara, hotunansu, lambobin iyaye. Ba ɗaya ba ne da jan layi ko kaɗan.

Abu Ammar: Malam Ilya ka taɓo inda misalin wuta ya ƙare gaba ɗaya. Wuta ba ruwanta da wanda ya ba ka, yunit yunit ne, in ka sauya mai inji kwan fitilarka ba zai sani ba. Bayanai kuwa amana ce da ka kai ajiya, kuma abubuwa uku ke biyo baya.

Hanyar zuwa gidan ajiyar intanet ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da Kwaddebuwa da maƙwabtansu, har harkar wasu bankuna ta tsaya cik. Kayan mutane na nan lafiya a can, amma ba hanyar isa. Shi ya sa ga makaranta zan so a ce malamai na iya shigar da maki a kwamfutar ofis ko da babu sabis, daga baya a tura.

Sannan gidan ajiya ma gida ne, yana iya ƙonewa. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wurin sun rasa bayanansu. Kamfani na kula da injin, amma ajiye kwafi na biyu yawanci nauyin ɗan haya ne sai in ya biya an yi masa. Duk ƙarshen zango a sauko da kwafi a faifai, a sa a durowar da ake kullewa, kuma a taɓa gwada buɗe shi a ga yana aiki.

Na uku shi ne makulli. Yawancin ɓarnar da na gani a aikina ba fasa ginin kamfani aka yi ba, mai kayan ne ya bar ƙofa a buɗe: kalmar sirri mai sauƙi, ko rumbun hotuna da aka saita kowa na iya gani. Kuma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, makaranta ce za a tambaya idan bayanan yara suka fita, ba za ta ce ai a kilawud suke ba.

Baba Ɗanjuma: To in na fahimta, ba ruwansa da hadari, amma in sabis ya ɗauke an shiga uku. Ni dai a ajiye rajistar takarda ma, kada a yar.

Ummu Sultana: Baba ai wannan ba a ma maganarsa. Amma Hajiya, ni abin da ya fi damuna yaron ne. Da sunan wa zai buɗe asusun? Wata ƙawata mai shagon atamfa wani ya buɗe mata shafi da imel ɗinsa, ya samu aiki a wani gari ya sauya lamba, shafin ya mutu da komai a ciki. Kamar mita ce da sunan ɗan haya, ya tashi ya tafi da katin.

Abu Ammar: Malama ta riga ni. Hajiya, ranki ya daɗe, kafin ki ba shi amsa ki yi masa waɗannan tambayoyin. Asusun da imel ɗin makaranta za a buɗe, kuma lambar tabbatarwa wayarki za ta riƙa shigowa? Kuɗin wata ƙayyadadde ne ko na mita, da naira ko da dala? A wace ƙasa bayanan za su zauna? Wa zai riƙa sauko da kwafi, kuma yaushe? In kun rabu gobe, wani zai iya ɗaukar aikin ya ci gaba? Ki kuma raba kuɗin hayar da kuɗin aikinsa, ki ga rasidin kamfanin da idonki. Kilawud ya ɗauke miki gyaran inji, amma wayarin cikin gida, wato manhajar da sabunta ta, har yanzu sai da mai kula.

Sadik Mai Waya: Yaya Abu Ammar, to ni tambaya. Me zai hana a mayar da sakamakon kowane yaro takardar PDF a tura wa iyaye ta WhatsApp? Ba saba ba haya.

Abu Ammar: Zai yi aiki ƙanena, makarantu da yawa haka suke yi. Wahalarsa ita ce tura saƙo 400 ɗaya bayan ɗaya ba tare da an aika wa wani uba sakamakon ɗan wani ba, da kuma neman na shekara uku baya idan an buƙata. In abin da Hajiya ke so bai wuce iyaye su ga sakamako ba, shawararka abar dubawa ce.

Maman Khalifa: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, yanzu na san abin da ake magana a kai. Na kira yaron da yamma. Ya ce hayar ta ƙayyadadden kuɗi ce amma da dala, kuma gaskiya da imel ɗinsa ya riga ya buɗe don gwaji, gobe zai zo mu buɗe sabo da na makaranta. Da na tambaye shi kwafi sai ya ce ai kamfanin na yi, na ce ya nuna min inda aka rubuta hakan. Maigida kuma ya tsaya kan cewa tunda muna shirin sa sola a ofis, gara a sayi sabar a huta da biyan wata. Malam Abu Ammar, idan akwai sola da batir, lissafin naka ya sauya ne, ko matsalar intanet ɗin ofis tana nan?

Abu Ammar: Sola ta cire kuɗin wuta, intanet ɗin kuwa yana nan daram. Ki tambayi wanda ke ba ku intanet nawa zai karɓa a wata in ya ba ku layin da iyaye za su iya shigowa daga waje. Ki turo adadin nan, Hajiya Akanta ta buga mana na shekara biyar ɗin.

Hajiya Akanta: A haɗo da farashin sabar da na batura, da shekarun da mai solar ya ce baturan za su yi.